Zuwa ga abokan cinikinmu masu kawo tsofaffin faifan gem

Assalamu alaikum, 'yan uwa da iyayen gida.

Tun da muka tayar wa wani Alhaji daga Idi-Araba gem ɗin tseren motocin da ya bari tun yana saurayi, kusan kowane mako sai wani ya shigo shagonmu na Agege da faifai a cikin leda, ya ce ya saka a sabuwar laftof ta ƙi. Wasu ma sai da aka yi musu fomatin a wani wuri, aka karɓe kuɗinsu, gem bai tashi ba. Shi ya sa muka rubuto, don a san abin da mutum zai iya yi da kansa a gida da abin da sai an kawo mana.

Fomatin ba ya magani. Kwamfutarku lafiyarta ƙalau. Gem ɗin da aka yi a 1997 yana neman Windows 95 da katin hoto na wancan zamani, su kuwa duk sun kau.

A fara da mai sauƙi. A danna maɓallin dama a kan fayil ɗin gem ɗin, a shiga Properties, sannan Compatibility. A nan a zaɓi Windows 95 ko Windows 98 / Windows Me. Idan launi ne ya rikice, a sa alama a Reduced color mode a zaɓi 8-bit ko 16-bit. A gwada abu ɗaya, a kunna, a gani, sannan a ƙara wani. Mai cika duk akwatunan lokaci guda ba zai san wanda ya yi aiki ba. Kuma tun wajen sakawa a ba gem ɗin folda tasa kamar C:\Games, domin Windows na yanzu yana hana rubutu a Program Files, tsofaffin gem kuwa a foldarsu suke ajiye inda aka tsaya.

To amma a san iyakar wannan shafi na Compatibility. Babban aikinsa shi ne ya ruɗi gem ɗin, ya ce masa ai har yanzu a tsohon gida kake. Ba ya dawo da katin hoton da babu shi. Yawancin abin da ake kawo mana a nan ya maƙale.

Yawancin gem na wancan lokaci da harsuna uku suke magana da katin hoto: DirectDraw, da tsohon Direct3D, da Glide. Shi Glide na kamfanin 3dfx ne, masu katin Voodoo da ya fito a 1996. A ƙarshen 2000 Nvidia ta saye kadarorin kamfanin, kuma babu wani katin yau da yake jin Glide. DirectDraw yana nan a Windows, amma tun daga Windows 8 kwaikwayonsa ake yi, shi ya sa hoto ke jan ƙafa ko ya riƙa ƙiftawa. Maganin shi ne tafinta: ƙaramin fayil mai suna iri ɗaya da wanda gem ɗin ke nema, ya karɓi maganar, ya juya ta zuwa harshen da katin yau yake ji. Wanda muka fi amfani da shi dgVoodoo2 ne, mai juyawa zuwa Direct3D 11 ko 12. Akwai nGlide na Glide kaɗai, akwai kuma cnc-ddraw da ya fi dacewa da gem masu shimfiɗaɗɗen hoto irin su Red Alert.

Ga yadda ta kaya da na Alhaji. Need for Speed II SE ne, na 1997, a laftof mai Windows 11. Gem ɗin fayil biyu yake da su na kunnawa: NFS2SEN.EXE wanda furosesa ke zana hoton, da NFS2SEA.EXE na katin 3dfx, mai hoto sumul. Alhaji ya ce na biyun yake so, shi ya sani a da. Da muka danna shi sai ya ce bai ga glide2x.dll ba. Wannan saƙo kyauta ce, domin ya faɗa mana harshen da yake nema. Muka buɗe foldar dgVoodoo2, muka shiga 3Dfx\x86, muka kwafo Glide2x.dll zuwa cikin foldar gem ɗin, tare da dgVoodooCpl.exe da dgVoodoo.conf. A lura: x86 muka ɗauko ko da yake Windows ɗin 64-bit ne. Gem ɗin ake dubawa, shi kuwa 32-bit ne. Wannan kuskure ya fi kowanne yawa a wurin yaran da muke koya wa aiki.

Hoto ya fito, da tambari a kusurwa. Tambarin nan shi ne shaidar tafinta ya kama aiki, don haka kada a cire shi sai an gama gwaji. Sai dai ana cikin tsere gem ya riƙa sanƙarewa. An rubuta shi ne lokacin da furosesa ƙwaƙwalwa ɗaya gare ta, yanzu ga takwas suna ta jifa da shi a tsakaninsu. Muka ɗaure shi a kan guda ɗaya da wannan umarni, da muka rubuta a Command Prompt daga cikin foldar gem ɗin:

```
start /affinity 1 NFS2SEA.EXE
```

Alhaji ya zauna a bencinmu yana tuƙi har aka kira la'asar, muna ta ba masu jiran gyara haƙuri.

Da gem ɗin na DirectDraw ne ko Direct3D, da MS\x86 za mu shiga mu ɗauko DDraw.dll da D3DImm.dll. Tafinta ɗaya ake sa wa gem ɗaya. Cnc-ddraw da dgVoodoo2 duk suna da fayil mai suna ddraw.dll, ba sa zama tare.

Roƙonmu mafi girma: don Allah kada a saka waɗannan fayiloli a System32 ko SysWOW64, foldojin da Windows ke ajiye nasa fayilolin. Wanda ya danne na Windows da su, ya taɓa duk wata manhaja da ke dogara da su, kuma gyaransa ya fi na gem wahala. Windows yana fara duba foldar gem ɗin, can ne muhallinsu. Haka nan a guji shafukan da ke raba fayil ɗin dll ɗai-ɗai. Manhajar tsaro kan yi kuka a kan dgVoodoo2 na gaskiya ma, to ina ga wanda ba a san hannun da ya bi ba? A ɗauko daga shafin mai shi kawai.

Abu biyu ne tafintan hoto ba ya taɓawa. Idan tun wajen sakawa aka ga "This app can't run on your PC", galibi SETUP.EXE ɗin 16-bit ne, Windows 64-bit kuwa ba ya kunna irinsa ko an cika kowane akwati. Mukan bi ta otvdm, manhajar da ke kunna irin waɗannan 16-bit ɗin, ko mu saka a tsohuwar kwamfuta mu kwafo. Na biyu, faifan da aka kulle da SafeDisc, makullin hana kwafi: Windows 10 da 11 ba sa tafiya da secdrv.sys, fayil ɗin da makullin ke buƙata, sai ka danna gem, faifai ya juya, shiru. A irin wannan mukan ba da shawarar sayen bugun GOG, shagon intanet mai sayar da tsofaffin gem, in akwai, domin babu kulle a kansa.

Mai zuwa ya taho da faifansa na asali, da laftof da cajarta, da hoton saƙon da ya gani a waya. Ba ma sayar da kwafin gem, kuma ba ma fomatin saboda wannan aiki. Za mu duba faifan a gabanku mu faɗi ko zai tashi kafin a yi maganar kuɗi. Ranar Juma'a sai bayan an sauko daga masallaci muke buɗewa.

Naku,
Masu shagon gyaran kwamfuta, Agege, Legas