Uwata, kar ki zuba fiya-fiya a buhunan attaruhun nan

Assalamu alaikum Uwata, ya gida ya maigidan naki da yara, ya ruwan Ikorodu? Mu nan Agege lafiya lau sai godiyar Allah. Na ga hotunan da kika turo wa mamanki jiya da daddare, na kuma ji saƙon muryar da kike cewa kiyashi sun cinye miki attaruhu, wai gobe za ki sa a sayo fiya-fiya ki tsiyaya a gindin kowane buhu. Dan Allah ki dakata, shi ya sa ma na zauna bayan asuba nake miki wannan dogon rubutun kafin in fita kasuwar Mile 12.

Kiyashin nan ba ganye suke ci ba. Ki je ki juya ganyen da ya nannaɗe a can saman toho, za ki ga wasu ƙananan ƙwari kore-kore ko baƙaƙe sun taru sun yi cincirindo, ko wannensu bai kai ƙwayar riɗi ba. Wannan ita ce darɓa. Ita ke soka bakinta tana tsotse ruwan jikin shuka, toh ruwan yana da zaƙi fiye da abin da take buƙata sai ta riƙa fitar da ragowar ta baya, shi ne wannan danƙon da kike ji a yatsa kamar an ɗiga zuma. Zaƙin nan kiyashi ke hawa sha. In kika tsaya kika zuba ido za ki ga kiyashi na shafa bayan darɓar da 'yan gashin kansa har ta saki ɗigo ya lashe, tatsa ce sosai irin ta Bafulatani da saniyarsa. Kuma gadinta suke yi, duk ƙwaron da ya zo cin darɓa sai su far masa su kore shi, wani lokacin ma har ɗaukarta suke su kai ta sabon reshe mai taushi. Baƙin da kika gani kamar hayaƙi ya kwanta a ganyen ƙasa kuwa funfuna ce da ke fitowa a kan danƙon, tana tare wa ganye rana.

Ni abin da ya sa ban raina darɓa, ina yaro a 1975 ita ta yaɗa kuturtar gyaɗa a arewa, na ga gonar kakanki ta tsuke ta yi rawaya ba a cire abin kirki ba. Darɓa tana ɗaukar cuta daga shuka zuwa shuka, kuma haihuwa take kai tsaye ba sai da namiji ba, 'yar da aka haifa yau nan da kamar sati ɗaya ita ma ta fara haihuwa. Amma duk da haka guba a ƙasa ba ita ce mafita ba, domin darɓar tana sama ke kuma kina zuba magani a ƙasa, tsutsar ƙasa irin su tana da sauran ƙananan halittun da ke gyara miki ƙasar buhun su za su mutu, ga shi abin da za ki sa a miya ne, ga yara na wasa a wurin. Haka gishiri da kananzir da baƙin mai da mutane ke ba da shawara, in suka shiga ƙasar buhu sai dai a zubar da ita.

Ki fara da tare hanya. Buhunanki 6 na gani kuma duk sun jingina da katanga, ki ja su gaba, ki yanke duk ganyen da ke taɓa bango ko ƙasa ko igiyar shanya, don in akwai gada ko ɗaya toh duk wahalar banza ce. Sai ki samu salatif ko tsinken leda mai faɗin yatsa uku ki naɗa a karan, kamar taƙi ɗaya daga ƙasa, ya kama ba tare da ya shaƙe shi ba, ki shafa basilin a kan ledar ya zagaye. A kan ledar fa, kar man ya taɓa jikin karan don yana ƙona shi in rana ta yi zafi. Ƙurar Legas da ruwa na kashe danƙon basilin ɗin da wuri, duk bayan kwana 3 ki duba, in kin ga sun fara takawa ta kan ƙura ko gawar 'yan uwansu ki goge ki sabunta. Lemun tsamin nan na cikin bokiti shi ma haka za ki yi masa.

In kuma kika ga daga cikin buhun suke fitowa, akwai 'yar ƙasa mai laushi da suka turo, toh gidansu na ciki. Ki cika babban baho da ruwa ki tsoma buhun har ruwa ya rufe ƙasar, minti 30, za ki ga suna gudu da fararen 'ya'yansu a baki, sai ki ɗaga ya tsane sarai. Kar ki bar ruwan a bahon saboda sauro.

Sannan a koma kan darɓar. Tohon da ya lalace gaba ɗaya ki tsinke ki ƙulle a leda, sauran ki wanke da ruwa mai ɗan ƙarfi, da yawa in suka faɗo ba sa iya komawa tunda babu mai ɗauko su. Da yamma in rana ta yi sanyi ki narka sabulun salo ƙaramin cokali 2 a ruwa lita 1, ki rufe bakin buhun da tsohuwar jarida don kar ya tsiyaya a ƙasa, ki fesa ta ƙarƙashin ganye har ya jiƙa su. Sabulu wadda ya taɓa kawai yake kashewa, in ya bushe aikinsa ya ƙare, shi ya sa fesawa ta sama bata wani amfani. Banda garin sabulun wanki, yana babbake ganye. Kuma ki fara gwadawa a reshe ɗaya ki jira kwana 2, in bakin ganyen ya ƙone ki ƙara ruwa. Ki maimaita duk kwana 5 har sau 3. In bata ja baya ba zan aiko miki da 'ya'yan dogon yaro, a ɓare a daka giram 50, a jiƙa a lita 1 ya kwana, a tace a fesa ranar.

Wani abu kuma, kashin kajin da kika ce kin ƙara sati biyu da suka wuce ya yi yawa, shi ya fito da wannan toho mai laushi da darɓa ke so. Ki tsaya da taki tukunna.

Yadda za ki gane aiki ya ci, sabon ganye zai fito a miƙe ba danƙo, layin kiyashi zai tsaya a ƙasan leda yana kai-komo. Za ki iya fara ganin ɗan ƙwaron nan ja mai sheƙi da ɗigon baƙi, da 'ya'yansa masu kama da ɗan mitsitsin kada, wallahi kar ki bari yara su kashe su, su ne masu cin darɓar, in sun yi yawa ma ki daina feshin. Ganyen da ya riga ya nannaɗe ba zai miƙe ba, kar ya dame ki, sabon za ki kalla.

Ranar Juma'a ki turo min hoton bayan ganye da na gindin kara in gani. Ki gaida maigidan, ki shafa min kan yara. Allah ya yi miki albarka.

Babanki