Wasiƙa a kan kurfotin da za ka ƙera

Assalamu alaikum aminina,

Ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Na ga saƙonka cewa za ka yanka bokitin ƙarfe ka yi kurfoti, ka kuma shafe cikinsa da siminti. Don Allah dakata tukuna.

In bokitin nan irin mai ƙyalli ne kamar kwanon rufi, to an lulluɓe shi da tutiya. Ita tutiya tana narkewa a digiri 420, garwashin gawayi kuwa in ana fifita shi yakan haura 700. Da ta ji wuta za ka ga farin hayaƙi yana tashi, wani farin gari kuma ya kwanta a jikin ƙarfen. Wanda ya shaƙi hayaƙin, bayan 'yan sa'o'i zazzaɓi ya kama shi da rawar ɗari da ciwon jiki, ya zaci sauro ne. Alminiyon ma bai kai ba, a 660 yake narkewa. Ka nemi baƙin ƙarfe mai kauri, marar fenti, wanda ba a taɓa zuba mai ko maganin ƙwari a ciki ba.

Simintin gini kuma ba a yi shi don wuta ba. Daga digiri 300 ƙarfinsa yake fara raguwa, ruwan da ya maƙale a cikinsa ya zama tururi, ya riƙa ɓantaro shi.

Yumɓu gasasshe ya kamata ya riƙe garwashin. Ni nakan haɗa awo uku na yumɓu da awo ɗaya na dakakken tsingaro, in barbaɗa ɗan garin katako. Tsingaron ya riga ya sha wuta, ba ya ƙara tsukewa, shi ke hana tsagewa. Garin katakon kuwa ƙonewa yake a wurin gashi ya bar ƙananan ramuka masu tare zafi, amma in ya yi yawa abin sai ya riƙa marmashewa. Kaurin ya kai santimita 3, ka huda gindin tun yana ɗanye don iska ta shiga, toka ta zube.

Shanyar ce ke cin haƙuri. Na farkon da na yi, kwana uku kawai na ba shi a rana saboda gaggawa. Bayansa ya bushe, cikinsa da laima, yana shiga wuta na ji ƙara, ya rabe biyu. Yanzu mako biyu nake barinsa a inuwa, sannan a gasa shi da wuta kaɗan-kaɗan har ya yi ja. In ya huce ka ƙwanƙwasa shi: mai kyau zai yi amo garau, mai tsaga a ɓoye sai ka ji dum.

Wajen zaunar da shi, ka bar rata kamar yatsa biyu tsakaninsa da ƙarfen, ka cike da busasshiyar toka. Yashi bai dace ba, zuƙe zafi yake. Kuma kada ka kashe wutar da ruwa, nan take yumɓun zai dare.

Ka aiko mini da faɗin bakin tukunyarka in lissafa maka girman. A gaida mutan gida.

Naka har kullum,
Amininka