Rahoton Ayyukan Shekara: Allon Taurari da Grasshopper

Assalamu alaikum 'yan uwa mambobi.

Babban aikin da kwamitin horaswa ya sa a gaba a bana shi ne allon ƙawa mai huda-huda, wanda aka zana da Grasshopper a cikin manhajar zane ta Rhino, aka yanka da injin lesa. Katakon fale-fale muka yi amfani da shi, mai kaurin milimita 3, tsawo 640, faɗi 440, har da baki mai milimita 20 ta kowane gefe.

Mun bi hanyar zana taurari da masanin nan ɗan Birtaniya E. H. Hankin ya bayyana a 1925. Ana fara shimfiɗa siffofi masu kusurwa takwas, shida a tsawo, huɗu a faɗi, da tazarar milimita 100 daga tsakiyar wannan zuwa ta wancan, sai ƙananan murabba'ai su cike giɓin. A nan mambobi da yawa suka yi tuntuɓe, domin Polygon daga tsakiya zuwa kusurwa yake aunawa, ba zuwa gefe ba. Saboda haka 54.12 ake ba shi, ba 50 ba, sannan a juya siffar da digiri 22.5. Idan an ga siffofin sun karkace yadda bai kamata ba, a duba Rotate: sai an zaɓi Degrees kafin ya ɗauki lambar a matsayin digiri.

Daga tsakiyar kowane gefe layi biyu ke fita, kowanne ya tsaya inda ya haɗu da na maƙwabcinsa. Karkatar waɗannan layukan ce ke ba tauraro kamanninsa. Digiri 45 yana ba da murabba'i biyu, ɗaya bisa ɗaya, 67.5 kuwa tauraro mai dogayen tsinaye takwas, kuma shi muka zaɓa.

Inda muka fi daɗewa shi ne mayar da layi ya zama sanda mai faɗi. Da farko mun faɗaɗa kowane layi muka haɗe su da Region Union, amma ya riƙa barin giɓi inda layuka suka kwanta a kan juna. Sai muka juya dabara: Surface Split ya rarraba allon gida-gida, Offset Curve ya tsuke kowane gida zuwa ciki, gidajen suka zama ramuka. Lesa na cin kusan milimita 0.2, don haka 2.1 ake tsukewa in ana son sanda ta fito milimita 4 cif. Muna roƙon kowa ya auna cin injinsa a guntun katako tukuna, domin yana canzawa da katako da kuma saitin injin.

Gwajin farko ya ƙone a wasu wurare saboda maimaitattun layuka da injin ya bi sau biyu. Yanzu bayan Bake sai an wuce da SelDup, a goge maimaitattun layukan da ya zaɓa, kafin a fitar da DXF a milimita. Ramuka ake fara yankewa, bakin waje a ƙarshe, in ba haka ba allon na iya gocewa tun aiki bai kammala ba.

A shekara mai zuwa, in Allah ya so, za mu gwada tauraro mai tsini goma sha biyu.

Kwamitin Horaswa