Sanarwa kan rahoton tallan Facebook na gidauniyarmu

Assalamu alaikum ƴan uwa. Daftarin rahoton da za mu kai wa masu ba da gudummawa ya iso, amma a dakata da tura shi, akwai gyara.

Matsalar tana shafin tallan Facebook ne. An kwafo adadin gudummawar da Ads Manager, wato shafin sarrafa talla na Facebook, ya nuna kai tsaye, alhali a tsarinsa na asali yana ɗora wa talla duk wanda ya bayar cikin kwana 7 da danna shi, ko kwana 1 da ganinsa kawai. Ke nan tsohon mai taimakonmu da dama can zai bayar, in tallan ya gifta ta gabansa jiya, sai a lissafa shi a nasarar tallan.

Don haka ma'aji, don Allah ka fito mana da takardar banki mu daidaita. Misali, in mun kashe naira 100,000, sababbin mutum 40 suka bayar, kowane ya ci mana naira 2,500. Wannan adadin za mu rubuta, sannan a cire kuɗin da kamfanin karɓar biya ya yanka daga abin da ya shigo.

Masu tura kuɗi ta asusu kai tsaye kuma, Facebook ba ya ganinsu. A ware su a layi daban.