Zuwa ga ƙanena mai sayar da fawa banki

"Yaya, na jera bayanin fawa bankina layi takwas, kowanne da ɗigonsa, amma kullum sai an tambaye ni sau nawa yake cika waya, alhali na rubuta. Ina matsalar take?"

Ƙanena,

Na buɗe shafin naka a ƙaramar wayar yaron shagona, irin wadda yawancin masu sayenka ke riƙewa. Hoto ya cinye rabin allo, suna da farashi suka biyo baya, sai layi biyu kacal suka leƙo kafin See more. Na farko yana cewa kayan mai inganci ne, na biyu kuma launi. Amsar da ake ta nema tana can layi na shida, inda sai wanda ya ja shafin zai gani. Mai saye kuwa yatsansa na kan hanyar zuwa shagon wani.

To, ɗauko layi na shidan nan ka kai shi sama, amma ka gyara shi tukuna. Ka rubuta 20,000mAh yana cika waya sau huɗu, wato ka raba da 5,000 na batirin waya kawai. Ba haka lissafin yake ba. Batirin ciki yana kan 3.7V, sai an ɗaga wutar kafin ta bi waya, wani kaso kuma ya tafi a zafi. Abin da ke isa wayar bai wuce kashi biyu cikin uku ba, wajen 13,000 ke nan. Sau biyu da rabi za ka ce. Wanda ka yi wa alkawarin huɗu zai dawo maka da kaya, kuma ba shiru zai dawo ba.

Layi na biyu ka ba wa abin da ke damun duk mai zaman jiran wuta: awa nawa shi kansa fawa bankin yake ɗauka ya cika. Ga yadda zan jera su:

• Cika waya sau 2½ (batir 5,000mAh)
• Yana cika cikin awa 6 da caja 18W

Lura, amfanin ne a bakin layi, lambar tana binsa tana ba da shaida. Na kuma tsaya ƙasa da harafi 40, domin a wayar da na gwada, layin da ya wuce haka karyewa yake yi gida biyu, ya tura na ƙasansa bayan See more. Awa shidan nan ma kada ka kwafa daga bakina, ka sa agogo ka gwada naka.

Launi, nauyi da abin da ke cikin kwali su koma ƙasa. "Mai inganci" kuwa goge shi, kowa haka yake cewa. In ka gyara, ka ƙirga masu waccan tambayar har mako guda. In ba su ragu ba, ari wayar wani ka duba, wataƙila dogon sunan kayan ne ya danne layin farko.

Yayanka.