Amsa ga shugaban makaranta kan bitar koyar da ɗalibi daidai matakinsa

“Malama, an ba mu kwana 2 mu yi wa malaman sakandare bita kan yadda za a koyar da aji ɗaya mai ɗalibai masu mataki daban-daban. Malamaina sun ce a aji mai yara 60 wannan ba zai yiwu ba. In ke za ki tsara bitar, me za ki sa a ciki?”

Ranka ya daɗe,

Malamanka suna da gaskiya in har abin da suka fahimta shi ne kowane yaro a shirya masa darasinsa. Ba mai iya wannan. Carol Ann Tomlinson ta Jami'ar Virginia, wadda ta fi kowa yaɗa wannan hanya, ta nuna cewa ana iya sauya abin da ake koyarwa, ko hanyar koyonsa, ko aikin da ɗalibi zai nuna ya gane. Shawarata ita ce bitar ta tsaya kan abu guda: malami ya gano inda yaransa suka tsaya, sannan ya ba su aiki hawa uku da ke kai su ga manufa ɗaya.

Aikin zai fara tun kafin ranar bita. Kowane malami ya yi wa aji ɗaya gwajin minti 5, tambaya uku, ya taho da takardun. Malamin lissafi, misali, zai ba da `x + 5 = 12`, da `3x + 5 = 20`, da `3x + 5 = x + 13`. Amsoshin su ne 7 da 5 da 4.

Ranar farko da safe, takardun nan za a zauna a kai. Maki ba shi ne abin dubawa ba, irin kuskuren ake nema. Yaron da ya rubuta `3x = 25` ya san ana “tsallakar da” lamba, amma bai gane cewa cire 5 ake yi daga ɓangarorin biyu ba. Wanda ya ci ta farko ya bar ta biyu fayau, galibi da ka ya lalubo 7, ba shi da wata hanya. Maganin waɗannan biyun ba ɗaya ba ne, alhali a rajista dukkansu “ya ci ɗaya cikin uku” ne. Na sha ganin malami ya yi shekaru yana koyar da wannan babi, sai a wannan zama ya fara lura da bambancin.

Da rana kowa ya rubuta aiki hawa uku na darasin minti 40. Minti 10 na farko bayani ne ga kowa da kowa. A minti 20 na tsakiya, a raba yaran rukuni uku bisa abin da gwajin ya nuna. Rukuni na farko su yi aiki da zanen ma'auni, suna cire abu iri ɗaya daga kowane gefe, kuma wurinsu malami zai fi daɗewa. Na biyu a ba su misali da aka warware, su bi sawunsa. Na uku a ba su matsala cikin labari su mayar da ita lissafi da kansu. Kada a ƙara musu tambaya 20 irin wadda suka riga suka iya, don yaro zai ɗauka hukunci ne a kan ƙoƙarinsa. Minti 10 na ƙarshe, tambaya ɗaya ga kowa a guntuwar takarda, ita za ta tsara rukunin gobe.

Rana ta biyu kowa ya koyar da darasinsa a gaban 'yan uwansa malamai, a gyara masa.

Abu biyu nake roƙon a kiyaye. Kada a ɓata lokaci wajen raba yara zuwa “masu koyo da ido” da “masu koyo da kunne”. Nazarin da Harold Pashler da abokan aikinsa suka fitar a 2008 bai sami gamsasshiyar hujjar cewa hakan na ƙara fahimta ba. Na biyun ya fi damuna: rukuni ya zama tambari. In bayan wata guda yaran da ke rukunin farko su ne dai, a bencinsu na dā, har 'yan aji sun raɗa musu suna, to an kauce hanya. Haka kuma in aikin da ake ba su ya daina kai su ga manufar darasin, ya koma kwafar allo.

Sannan ina neman alfarma ɗaya daga ofishinka. Binciken Bruce Joyce da Beverly Showers ya nuna cewa abin da aka koya a bita ba ya cika shiga aji sai an bi shi da jagoranci a bakin aiki. Don haka a haɗa malamai biyu-biyu, kowa ya shiga ajin ɗan uwansa sau ɗaya a mako biyu, a ware musu lokacin a jadawali. Bayan mako 6 mu sake haɗuwa na awa 2, kowa da sababbin takardun yaransa da kuma na farkon, mu jera su mu ga yara nawa suka sauya rukuni.

Na gode, a huta lafiya.

Taka,
Malama mai horar da malamai