Ƙullin naira ɗari ya daina ciyar da ni: in rage awo ko in ƙara kuɗi?

Assalamu alaikum Malam, da fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka. Allah ya saka da alheri bisa shawarwarin da kake ba masu ƙananan sana'o'i a wannan fili.

Ni matar aure ce a Kano, sana'ata haɗa garin kunun yara. Gero nake haɗawa da waken suya da gyaɗa, in wanke, in shanya, in soya, a kai inji a niƙo, in tankaɗe, sannan mu zuba a ƙananan ledoji mu liƙe. Akwai 'yan mata biyu da ke taya ni, ina biyansu. Mafi yawan kayana ƙullin naira ɗari ne, wanda nake kai wa masu shagunan unguwa dozin dozin. Masu sayensa kuwa iyayen yara ne da ba sa iya ajiye gari a gida, matan 'yan ga-ruwa, matan leburori, zawarawa masu riƙon marayu. Da safe uwa za ta miƙa wa yaro ɗari ya karɓo, ta dama wa ƙaninsa. Gobe ma sai abin da Allah ya hore.

A kan wannan ƙulli nake neman shawararka, domin ya kai matsayin da ina yinsa ne kusan kyauta, kuma raina bai ba ni in daina ba.

Bari in buɗe maka lissafin yadda yake. A kowace leda ina zuba giram 30, wato kamar cokali uku na cin abinci, abin da zai yi wa yaro kofi ɗaya mai kauri. Ledar kanta, da sitikar da ke ɗauke da sunan kaya, da wutar liƙewa, da ladan masu zubawa, suna cin naira 15 a kan kowane ƙulli. Mai shago yana karɓar dozin a kan naira 1,000, ya sayar 1,200. A da, idan na haɗa kuɗin hatsi da niƙa da gawayi da kuɗin mota daga Dawanau, kilo ɗaya na gari yana tsaya mini a 1,500. Dozin yana cin 720 ke nan, in tsira da 280. Yanzu kilo ya kai 2,000, dozin yana cin 900, abin da ke rage mini naira 100 kacal. Kuɗin gari kashi ɗaya cikin uku ya ƙaru, amma ya tafi da kusan kashi biyu cikin uku na ribata.

Ita ma ɗarin nan ba ta zuwa cikakkiya. Idan ƙulli ɗaya ya fashe a hanya, ko ɓera ya huda shi a shago aka dawo mini da shi, na yi asarar 75, saura 25 a dozin ɗin gaba ɗaya. Lokacin zafi kuma gyaɗar da ke ciki ba ta jure daɗewa a shagon kwano, garin yakan canja wari, dole in karɓe in musanya. Haka nan zubawa da cokali. Ranar da na ɗora ƙullin da yaran suka zuba a kan ƙaramin sikeli, na tarar da yawa sun kai giram 32, wasu 33. A ido ba a ganin bambancin, amma giram biyu naira huɗu ne, ribar ƙullin kuwa takwas ce. Tun daga nan kowace leda sai ta hau sikeli kafin a liƙe, ko da yake aikin ya ƙara nawa.

Mutum zai ce to ki mayar da shi 120 mana. Malam, wanda bai zauna a shagon unguwa ba ne zai faɗi haka. Naira goma da naira ashirin sun kusa ɓacewa a hannun mutane, ko an samu ma ba abin da suke saye. Mai shago ba zai ajiye kayan da zai riƙa neman canjin tamanin a kansa ba. Babu kuma wanda zai yi tiransifa saboda ƙullin kunu, yaro ne ake aikowa da takardar kuɗi a dunƙule a hannu. Saboda haka farashin da ke gabana matakala ce mai hawa uku, ɗari, ɗari da hamsin, ɗari biyu, babu tsayawa a tsakani. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin mota da na niƙa suke hawa kaɗan kaɗan, ni kuwa ba ni da damar bin su kaɗan kaɗan, sai dai in yi tsalle ko in tsaya.

Hanya mafi sauƙi ita ce in bar farashin yadda yake in rage awo, kamar yadda nake gani a ledojin madara da na garin wanki, da suke ta ƙanƙancewa kuɗinsu na nan. Idan na sauko giram 25, dozin zai ci 780, ribata ta koma 220. A takarda wannan ya warware matsalar. Amma abin da nake sayarwa abincin yaro ne, kuma na san abin da zai faru a gidajen. Uwa ba za ta rage kofi ba, domin cikin yaron bai ragu ba. Ruwa za ta ƙara, kunun ya fito tsululu, yaro ya sha cikinsa ya cika, bayan ɗan lokaci ya fara kuka. Da yawa daga cikin matan nan a asibiti aka ce musu su riƙa ba yaran kunu mai waken suya da gyaɗa saboda rama. Idan na rage, ina jin kamar daga bakin yaron na cire. Ko da na gyara sitika na rubuta giram 25 ɓaro-ɓaro, yawancinsu ba sa karanta ta, hannu suke sa wa su matsa ledar su ji nauyinta. Shin idan na rubuta gaskiyar awon na kuma faɗa wa masu shago da baki, na fita haƙƙi? Wannan tambayar ta fi duk sauran damuna, domin tun muna yara muke jin gargaɗin da aka yi wa masu tauye mudu.

Akwai wadda ta ce in bar awon yadda yake in rage waken suya da gyaɗa, in cike da gero ko masara tunda sun fi araha. Wannan kam ban ma tsaya lissafa shi ba. Abin da ya bambanta garina da kamun da kowa ke da shi a gida ke nan.

Na gwada na ɗari da hamsin a wasu shaguna, giram 45. Lissafinsa yana da kyau, domin kuɗin leda ɗaya ne amma garin ya fi yawa. Sai dai hamsin ɗin ma wahalar samu take. Yaro ya zo da ɗari biyu, mai shago ya ce babu canji, ko dai ya cika masa da alewa, ko yaron ya juya. Wani mai shago ya gaya mini ƙarara cewa in daina kawo masa shi, yana haɗa shi faɗa da mutane.

Na ɗari biyu shi ne wanda lissafinsa ya fi kwanta mini. Ko da na zuba giram 65, wato na yi gyaran giram biyar a kan ƙulli biyu na ɗari, abin da dozin ke bar mini ya ɗara abin da dozin biyu na ƙananan ke bari, ga aikin liƙewa ya ragu da rabi. Mai saye ya ƙaru, ni ma na ƙaru. Matsalar ita ce matar da ɗari ce kawai a hannunta da safen nan, ba ruwanta da cewa na ɗari biyu ya fi auki. Idan na janye na ɗari, ita na kora, kuma saboda irinta na fara wannan sana'a.

Sai kuma babbar leda ta rabin kilo, wadda nake sayar wa ma'aikata da masu ɗan hali kai tsaye a kan 1,400. Ita ce take riƙe da ni a yanzu, don kowace ɗaya tana bar mini kusan 350. Abu biyu ne suke ci mini rai game da ita. Na farko, mai hali yana sayen garin da araha fiye da talaka, domin wadda ke sayen ƙulli ɗari ɗari, kafin ta tara rabin kilo ta kashe fiye da 1,600. Na biyu, na gano akwai mai shagon da yake aiko a saya masa babbar, ya farke ta, ya ƙulla ƙanana guda ashirin a farar leda, ya sayar ɗari ɗari yana cewa garin wance ne. Ya sami 2,000 a kan 1,400, awonsa bai kai nawa ba, ga hannu da ƙura sun shiga, kuma idan cikin yaro ya ɓaci sunana za a kira. Wannan ya nuna mini cewa tazarar da ke tsakanin farashin babbar da na ƙaramar ta yi yawa, amma ban san inda ya kamata ta tsaya ba.

Tunanin da ke raina shi ne in ɗaga babbar zuwa 1,500 ko 1,600, in shigo da na ɗari biyu sosai, in bar na ɗari a giram 30 ɗinsa ko da ribarsa ba ta taka kara ta karya ba, manyan su riƙa ɗaukar nauyinsa. Maigidana yana ganin wannan hanyar karyewa ce. Ya ce kowane kaya ya kamata ya ɗauki kansa, kuma tunda na ɗari ya fi kowanne tafiya, duk ranar da gero ya ƙara ko da kaɗan ne, zan koma ina biyan kuɗi don in sayar. Maganarsa tana da ƙamshin gaskiya, domin idan kilo ya kai 2,300 ƙullin ya fara cin uwar kuɗi, kuma na san yadda hatsi ke tashi idan damina ta kankama kafin sabo ya shigo.

To Malam, don Allah ka duba mini. Ya dace a sana'a a bar wani kaya ba riba don wani ya riƙe shi, kuma idan ya dace, wane kaso na cinikina zai iya zama irin wannan ba tare da jarina ya narke ba? Idan kuwa rage awon ne ya zama dole, gara in yi shi sau ɗaya in sanar da kowa, ko kuwa in sauko giram 28 tukuna in ga yadda kaka za ta kasance? Sannan masu shago, akwai yadda zan roƙe su su karɓi dozin a 1,050 ba tare da sun mayar da kayana bayan kanta ba? Ɗari biyun da suke samu ta ninka tawa, amma na san su ma haya da kuɗin wuta suna kansu, kuma idan suka juya mini baya ba ni da wata hanyar isa ga matan nan.

Ina so in yanke shawara kafin in buga sababbin sitika, domin waɗanda ke hannuna sun kusa ƙarewa, kuma duk awon da na rubuta a kansu da shi zan zauna har su ƙare.

Allah ya ƙara basira, ya bar zumunci. Wassalam.

Daga 'yar'uwarka mai sana'ar garin kunu, Kano.